Titi mai layi huɗu an ce 80, hanyar Madina an ce 140: da me ake aunawa?

Sani Direba: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambaya, kuma don Allah wanda ya sani ya amsa min tsakani da Allah, don abin ya tsaya min a rai tun shekaranjiya. Na kai yaran maigidana makaranta a nan Jidda, a hanyar dawowa kyamara ta haska ni. Titin nan layi huɗu ne, kwalta sumul, ba rami ko ɗaya, gari ya waye tangaran, amma allo ya ce 80. Ni kuma ina kan 100 da 'yan kai. Kafin in kai gida saƙon tara ya shigo, kuma daga albashina za a cire. To ga abin da ban gane ba. Ranar Juma'a na kai su Madina, hanyar ba ta fi wannan titin faɗi ba, amma a can an yarda in yi 140. Mota ɗaya, direba ɗaya, kwalta iri ɗaya. Me ya sa can 140, nan 80? Ni dai a ganina neman kuɗi ne kawai.

Nura Kano: Wa alaikumus salam. Ka yi ƙoƙari ka biya da wuri, kar ka bari ta taru maka, don ranar da za ka sabunta takardu ita za ta fara tare ka.

Sani Direba: Nura na gode, amma ba maganar biya nake ba, zan biya. Dalilin nake so in sani.

Abdul Ɗalibi: Yaya Sani, ni ina ganin maganar tsayawa ce. In kana 50 ka taka birki ka tsaya a mita 15, to in kana 100 sai ka ci mita 30. Gudu ya ninka, nisan tsayawa ya ninka. Shi ya sa ake rage gudu a inda mutane suke.

Injiniya Bashir: Abdul ka kamo bakin zaren, sai dai lissafin ya fi haka muni. In gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke ci ninkawa huɗu yake yi. Motar da birki ya tsayar a mita 15, in ka ninka gudunta sai ta ci mita 60.

Malam Sani, bari in bi da kai a hankali, don na yi shekaru ina aikin titi a ƙasar nan kuma wannan tambayar ita ce aka fi yi min. Tsayawar mota kashi biyu ce. Akwai tafiyar da mota ke yi tun daga lokacin da idonka ya ga abu har ƙafarka ta sauka a kan birki. A wannan tsakanin ba abin da ya ragu, tana tafiya da cikakken gudunta. Direba mai hankali a kan hanya, wanda bai san wani abu zai faɗo masa ba, yakan ci kamar sakan ɗaya da rabi. A gudun 120 mota tana cin mita 33 a kowane sakan, ka ga mita 50 sun tafi ke nan kafin birki ya san ana nemansa. Sannan sai kashi na biyu, jan birkin kansa. A busasshiyar kwalta da tayoyi masu kyau, 120 tana neman kamar mita 80. Ka haɗa, mita 130. Filin ƙwallo guda ke nan da kwata.

Yanzu ɗauki naka. A 80, mita 33 kafin ka taka, mita 36 na birki, kusan 70 duka. A 100, mita 42 da mita 56, kusan 100 ke nan. Ashirin ɗin nan da ka ƙara, wadda a cikin mota ko jin ta ba ka yi, ta ƙara maka mita 30 na tsayawa, tsayin motoci shida a jere.

Sani Direba: Na ji lissafin Injiniya, Allah ya ƙara ilimi. Amma ai wannan lissafin yana aiki a hanyar Madina ma. Can ma sai na ci wannan nisan, har fiye. Me ya sa can aka yarda?

Injiniya Bashir: Yauwa, nan ne gizo ke saƙar. Faɗin titi ba shi ne ma'auni ba. Abin da muke tambaya shi ne, a wannan hanyar mene ne zai iya shigo maka gaba, kuma daga nisan mita nawa za ka hango shi?

Ka tuna hanyar Hijira da ka bi ranar Juma'a. An raba masu zuwa da masu dawowa, ba wanda zai zo maka gaba da gaba. Ba danja, ba mahaɗar da wani zai ratsa ta gabanka. Mai shiga yana da dogon layinsa da zai ɗauki gudu kafin ya haɗu da ku, mai fita ma haka. Kwanoninta a buɗe suke, tudunta ba ya ɓoye abin da ke bayansa, kuma galibinta an ja shinge saboda dabbobi. Kana iya hango ɗaruruwan mitoci a gabanka. Motar da ke 140 tana neman kusan mita 170 ta tsaya, hanyar kuma tana ba ka fiye da haka. Saboda wannan ne a 2018 aka ɗaga iyakar zuwa 140 ga ƙananan motoci a wasu hanyoyi ƙididdigaggu, irin su Makka zuwa Madina, Jidda zuwa Madina, Riyad zuwa Ɗa'if da Riyad zuwa Ƙasim. Ko a kansu ba ko'ina ba ne, inda aka kusa gari ko wurin bincike allo yana sauka.

To koma titin da aka haska ka. Ban san wanne ba ne, amma ka ƙirga min a ranka. A cikin kilomita ɗaya gidan mai nawa ne? Hanyoyi nawa ke fitowa daga unguwa? Akwai wurin juyawa inda mota ke fitowa daga tsaye ta shigo layin hagu? Akwai mai tasi da zai ci birki don ya ga fasinja? Akwai ma'aikacin da zai tsallaka da ƙafa don gadar tsallakawa ta yi masa nisa? Duk waɗannan ba a mita 200 suke bayyana ba, a mita 60 ko 70 suke faɗo maka. 80 tana tsayawa a nan da ƙyar. 100 ba ta tsayawa.

Garba Makanike: Injiniya da girmanka, amma wannan lissafin na motocin da ne. Motocin yanzu duk da ABS suke zuwa, kana taɓa birki take ƙamewa. Ni kullum a hannuna suke kwana. Ba za ka haɗa Kamri ta bana da tsohuwar Hailuks ba.

Injiniya Bashir: Malam Garba ka fi ni sanin cikin mota, ba musu. Gaskiya ne sabuwar mota da sababbin tayoyi, a hannun wanda ya danne birki har ƙasa, tana iya rage nisan birkin da na faɗa. Amma abubuwa biyu ba sa canzawa. Mita 50 ɗin farko ba ruwansu da birki, na ƙwaƙwalwa da ƙafa ne. Kuma ninkawa huɗun nan tana nan ko a motar tsere. Aikin ABS shi ne ya hana taya ƙullewa don sitiyari ya ci gaba da jin magana, ka iya kaucewa kana kan birki. Ba ya ƙara wa taya riƙo. Abin da ya haɗa motarka da ƙasa wuri huɗu ne, kowanne kamar tafin hannu. A kan yashi ko tsakuwa ma ABS yakan ƙara nisan tsayawa.

Garba Makanike: Maganar taya kam na yarda. Abin da nake gani a gareji sai addu'a. Mutum ya sayi taya don ya ga zanenta da sauran zurfi, alhali ta shekara shida tana shan ranar ƙasar nan, robar ta bushe ta yi tauri kamar katako, gefenta duk ya tsattsage. Ku duba jikin taya akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT, in kun ga 2319 to mako na 23 ne na 2019. Amma ni har yanzu ina ganin da sabuwar mota 100 a titi irin na Sani ba wani abu ba ne.

Maman Hanan: Salamu alaikum. Ni ba na yawan magana a nan, amma wannan ta taɓa ni. A unguwarmu a Makka, bara da azumi, ana saura 'yan mintoci a sha ruwa, yaron maƙwabciyata ɗan shekara bakwai ya fito da kwanon miya zai kai gidan kakarsa a tsallaken layi. Motoci na fake gefe da gefe, bai fi tsayin bonet ba. Ina tsaye a taga na gan shi ya fito daga tsakanin motoci biyu. Na ji ƙarar taya, na rufe ido. Da na buɗe, mota ta tsaya, bambarta na taɓa rigarsa, miya ta zube a kwalta, yaron ya daskare yana riƙe da murfin kwanon. Direban ya fito ya zauna a bakin titi yana ta salati, hannunsa na rawa. Ya rantse bai kai 50 ba. Tun ranar nake tambayar kaina, da ya ƙara kaɗan fa? Ni ma ina tuƙi yanzu, kuma wallahi a layinmu 50 ɗin ma tsoro take ba ni.

Injiniya Bashir: Allah ya ƙara tsarewa Hajiya, Allah ya raya shi. Tambayarki tana da amsa, kuma ita ce abin da na fi so kowa ya ɗauka a nan. A ce direban yana 50 daidai. Mita 21 kafin ya taka, mita 14 na birki, ya tsaya a mita 35, daidai rigar yaron. Yanzu mu mayar da shi wurin da 60. Kafin ya taka ya ci mita 25, saura mita 10 kawai na birki, shi kuwa 20 yake nema. Mutane sukan ɗauka ai da ɗan gudun 10 zai taɓa shi, tunda 10 ya ƙara. A'a. Zai iso wurin yaron yana kan 40 da ɗoriya. Dalili, birki a farkonsa nisa yake ci sosai gudu na sauka kaɗan kaɗan, sai a mitocin ƙarshe ne gudun ke zubewa. In kuwa 80 yake yi, ƙafarsa tana isa birki daidai lokacin da ya isa yaron.

Kuma karo a gudun 50 daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10, kamar daga hawa na uku. Shi ya sa jin tsoronki yake kan hanya. 50 ita ce iyakar cikin unguwa, amma a layin da aka fake motoci gefe biyu kuma yara na fita, ni 30 nake yi.

Abdul Ɗalibi: Subhanallah. Injiniya ko za ka rubuto yadda ake lissafin in gwada da kaina?

Injiniya Bashir: Ga shi, v gudu ne da kilomita a awa, amsa da mita:

```
kafin birki = (v / 3.6) x 1.5
jan birki   = (v x v) / (254 x f)
```

f riƙon taya da ƙasa ne. Sa 0.7 a busasshiyar kwalta, 0.4 a jiƙaƙƙiya. Gwada 120 da 140 ka gani. In mai 120 ya tsaya cif a bakin abin da ya tare hanya, mai 140 da ya hango shi a wuri ɗaya zai dake shi yana kan kusan 80.

Baba Usman Mai Wurno: Assalamu alaikum 'ya'yana. Jikana ne ke rubuta min. Na ja babbar mota shekara talatin a Sudan kafin in zo nan, Khartum zuwa Madani, Madani zuwa Gadarif har Bur Sudan. Sani ɗana, ka gode wa Allah da irin hanyar da kake bi. Hanyar Madani da na sani layi ɗaya ne zuwa ɗaya dawowa, ba komai a tsakani, ƙauyuka a bakinta, jakuna da awaki da amalanke duk a kai. Mutane da kansu suka sa mata suna hanyar mutuwa. A irin wannan hanya ko kana 80 mai zuwa yana 80, kuna cinye tazarar da ke tsakaninku kamar mai gudun 160. Na ga direbobi da yawa sun fita za su wuce tirela, suna ganin fitilar mai zuwa can nesa, kafin su kai kan tirelar ta iso. Wanda ya ga wannan da idonsa ba zai tambayi dalilin da ya sa hanyar da ba a raba ba take da ƙaramar iyaka ba.

Amma Injiniya akwai abin da ban ji ka faɗa ba, lodi. Mota da lodi ba ta tsayawa kamar wadda ba komai.

Injiniya Bashir: Baba barka da warhaka, Allah ya ƙara lafiya. A takarda nauyi ba ya shiga lissafin, don nauyin da ke tura mota gaba shi ne kuma ke danne taya a ƙasa ya ƙara mata riƙo. Shi ya sa ba ka gan shi a abin da na rubuta wa Abdul ba.

Baba Usman Mai Wurno: To takardarka ba ta taɓa sauko da buhun dawa tan talatin daga gangaren Aƙaba zuwa Sawakin ba. Ni na sauko. Birki yana zafi har ka ji warinsa a cikin kai, ka taka ka ji motar ba ta amsa maka kamar ɗazu. Wanda bai sa babbar giya tun daga sama ba, sai dai Allah ya kiyaye.

Injiniya Bashir: Na karɓa Baba, kai ne da gaskiya a kan hanya. Lissafin ya ɗauka birki yana da ƙarfin da zai kai taya iyakar riƙonta, babbar mota mai lodi kuwa sau da yawa birkin ne ke gazawa kafin taya. Duk gudun nan zafi yake komawa a cikin birki, lodi ya ninka zafi ya ninka. Ga birkin iska yana ɗan jinkiri kafin ya kama. Ai shi ya sa a hanyar Madinar ma da aka ba ƙananan motoci 140, bas 100 aka ba ta, manyan motocin kaya 80. Kuma ko ƙaramar mota, wanda ya sauko daga Hada ta Ɗa'if ƙafarsa na kan birki tun daga sama zai ji abin da Baba ke faɗa. Can ga kwanoni, ga hazo yana saukowa har ka kasa ganin motar gabanka. Kwana ma haka take, ƙarfin da ke jan mota waje ninkawa huɗu yake in gudu ya ninka.

Sani Direba: Gaskiya na fahimci abin da ban sani ba. Da na tuna, akwai wurin juyawa kamar mita ɗari gaban inda kyamarar take, kuma sau biyu ina ganin gilasai a zube a wurin. Amma Injiniya ga wata matsala ta gaske. In na tsaya a 80 a titin nan, na baya yana manne min yana watsa min fitila, wani har ya bi ta kafaɗar titi ya wuce ni. Wani lokacin ina ganin bin doka ya fi saka ni a haɗari.

Nura Kano: Wannan gaskiya ne wallahi. A hanyar Makka in ka shiga layin hagu da 120 sai ka ji kamar za a hau kanka.

Injiniya Bashir: Ba zan ce muku ƙarya ba ne. Bambancin gudu tsakanin motoci shi ma haɗari ne, mai rarrafe a layin hagu yana jawo abin da mai gudu ke jawowa. Abin da nake yi, ina barin layin hagu ga masu wucewa, in wani ya manne min in ba shi hanya da zarar na samu dama, in kuma ƙara tazara tsakanina da na gaba don kar in ci birki kwatsam na baya ya shige min. Tazarar da sakan nake auna ta. Na gaba ya wuce wani allo ko gada, in ƙirga uku kafin in kai wurin. A 120 wannan mita 100 ne. Ku lura gobe ku ga tazarar da mutane ke bari, da yawa ba ta kai tsayin mota uku ba, alhali mita 50 za su tafi kafin su taka.

Garba Makanike: In ka bar mita 100 a Jidda motoci uku ne za su cusa kai a ciki.

Injiniya Bashir: Za su shiga, sai ka sake buɗewa. Ban da wata dabarar da ta fi wannan.

Maman Hanan: Ni tambayata ta ruwan sama ce. Ranar da aka yi ruwan farko bana na ga haɗari uku tsakanin gida da asibiti, alhali ruwan ma yayyafi ne.

Injiniya Bashir: Yayyafin ne ya fi santsi Hajiya. Wata da watanni ba ruwa, mai da ƙura da garin taya sun kwanta a kwalta, ruwan farko ya dama su ya zama kamar sabulu. A jiƙaƙƙen titi birkin 80 yana tashi daga mita 36 zuwa sama da 60, na 120 daga 80 zuwa 140. Lambar da ke kan allo ta busasshen titi ce da rana. Haka dare. Ƙaramar fitila ba ta nuna maka abu mai duhu sai kamar mita 60 ko ƙasa da haka, kin ga mai 120 ya kusa cinye wannan tun bai taka ba.

Baba Usman Mai Wurno: Raƙumi da dare ba ya nuna kansa. Fitila ƙafafunsa take haskawa, jikin yana sama a cikin duhu, kuma in aka dake shi ta gilashi yake shigowa. A hanyoyin ƙauye da ba shinge, bayan magariba ban taɓa wuce 70 ba ko allo ya ce me.

Abdul Ɗalibi: Na gwada lissafin. Jidda zuwa Madina in mun ce kilomita 420, a 120 awa uku da rabi ne, a 140 awa uku. Rabin awa ke nan. Ni ina ganin rabin awa ba ta kai a ɗauki wannan kasadar ba, da ma 120 aka bari.

Sani Direba: Kai ɗalibi ne Abdul, ba ka san zaman awa uku da rabi a kan miƙaƙƙiyar hanya bayan ka kwana kana jiran jirgi ba. A 120 barci ke ɗaukata a hanyar nan, a 140 idona a buɗe yake. Wanne ya fi?

Injiniya Bashir: In barci na ɗaukarka a 120 to sakan ɗaya da rabin nan ya riga ya zama uku, kuma a 140 sakan uku mita 117 ne ba birki. Wannan tsayawa yake so a gidan mai, ka ɗan runtsa. Maganar ko 140 ta dace da hanyar kuwa, ko a wurin aikinmu ba mu haɗu a kanta ba. Hanyar tana iya ɗauka, tayoyin da Malam Garba ke gani a gareji ne ban yarda za su iya ba, balle a watan Yuli da tsakar rana.

Garba Makanike: Sani ka kawo motar gobe bayan la'asar in duba maka tayoyin da man birki kafin tafiyar Juma'a. Ka turo min hoton lambar nan huɗu tun yau, in akwai wadda za a canza in nemo ta da safe.